Saura mako uku gwajinsa ya ƙare, kuma ban taɓa rubuta komai ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce shugabar sashen kuɗi a wani ƙaramin kamfani. Mun ɗauki sabon akawu bisa gwajin wata shida, yanzu saura mako uku ya cika. Mutum ne mai ladabi, ba ya makara, amma kowane wata sai ya wuce ranar 5 kafin ya gama daidaita lissafinmu da na banki, kuma sau biyu yana shigar da biyan kuɗi ɗaya a wuri biyu. A wata na huɗu ya yi mako biyu yana jinya. Na sha yi masa magana, amma duk da baki. In tabbatar da shi, in ƙara masa lokaci, ko in sallame shi? Kuma waɗanne takardu nake buƙata?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Zuciyata ta fi karkata ga a ƙara masa lokaci, gajere, mai ranar ƙarewa da sharuɗɗa a rubuce. Amma wannan shawara tana rataye ne a kan abubuwa biyu da ke hannunki: abin da takardar ɗaukarsa aiki ta ce, da abin da alƙaluman aikinsa za su nuna idan kika jera su wata bayan wata. Ko wanne daga cikinsu yana iya sauya amsar.

Yau ɗin nan, kafin ki tashi daga ofis, ki ciro takardar ɗaukarsa aiki ki karanta sakin layin da ya yi maganar gwaji. Ki fitar da ainihin ranar da wa'adin zai cika, ki ƙirga daga ranar da ya fara aiki, domin sau da yawa tana bambanta da ranar da aka rubuta a saman takardar. Ki duba ko takardar ta ba kamfani damar ƙara wa'adi, kuma zuwa yaushe. Ki duba kwana nawa ne sanarwar rabuwa a cikin gwaji, kwana nawa ne bayansa. Sannan ki duba ko ta faɗi abin da zai faru idan ranar ta wuce ba a ce komai ba. Wasu takardun suna cewa gwaji yana ci gaba har sai an ba da takardar tabbatarwa, wasu kuwa shiru suke yi a kai. Inda aka yi shiru, kotunan ƙwadago a wurare da yawa suna ɗaukar cewa wanda aka bari yana aiki yana karɓar albashi bayan ranar, to an tabbatar da shi ke nan, ko da ba a rubuta masa ba. Ko inda takardar ta ce gwajin yana ci gaba, kada ki dogara da hakan ki bar shi watanni a rataye. Na ga manajoji da suka zo bayan ranar ta wuce da mako guda suna neman a rubuta musu takardar ƙarin wa'adi, kuma babu abin da za a iya yi musu, domin ba a ƙara wa abin da ya riga ya ƙare. Mako ukun nan da ya rage miki ya isa, da sharaɗin ki fara yanzu.

Wata shida da kuka ba shi yana buƙatar ki tsaya a kansa, saboda a wasu ƙasashe nan ne iyakar da doka ta yarda. Dokar Tarayyar Turai ta 2019 kan sharuɗɗan aiki ta ce gwaji kada ya wuce wata shida, sai dai a wasu halaye na musamman, kuma ta bar wa ƙasashe damar ƙara shi gwargwadon kwanakin da ma'aikaci bai zo aiki ba. Dokar aiki ta Kenya ta 2007 ta yarda da wata shida, ana iya ƙara wani wa'adin da bai wuce wata shida ba, amma da amincewar ma'aikacin. A Faransa sau ɗaya ake sabuntawa, kuma sai yarjejeniyar ɓangaren sana'ar da kwantiragin sun tanadi hakan, shi ma ma'aikacin ya amince a fili. Na kawo waɗannan ne don ki ga tazarar da ke tsakanin wannan wuri da wancan. Ki tambayi sashen kula da ma'aikata ko lauyan kamfaninku tambaya ɗaya: a dokarmu, za a iya wuce wata shida, kuma sai ya sa hannu ko sanar da shi ya wadatar?

Yanzu maganar rashin rubutu, wadda na san ita ce ta fi damunki. Abu ɗaya ne zan hana ki da babbar murya: kada ki zauna ki rubuta takardun gargaɗi ki sa musu kwanan watan baya. Wannan jabu ne, kuma kamawa ba ta da wuya, tun da kwamfuta tana ajiye ranar da aka ƙirƙiri kowane fayil, shi kuma ma'aikacin zai ce bai taɓa ganin takardar ba, kuma gaskiyarsa ce. Da zarar an kama takarda ɗaya ta ƙarya a fayil, sauran na gaskiyar ma sun rasa daraja. Abin da ya halatta shi ne ki rubuta bayani ɗaya, ki sa masa kwanan watan yau, ki ce a cikinsa wannan shi ne abin da kike tunawa na maganganun da kuka yi da baki, da kusan lokacin da aka yi kowacce. Inda ba ki tuna rana ba, ki ce a farkon wata kaza ne. Irin wannan takarda ba ta kai ƙarfin wadda aka rubuta a lokacin ba, amma ta gaskiya ce, kuma za ta tsaya.

Sa'arki ita ce aikin kuɗi yana barin sawu. Kina da hujjoji fiye da yadda kike zato. Ranar da ya turo miki kowane lissafin ƙarshen wata tana cikin imel. Manhajar lissafi tana nuna wanda ya shigar da kowane biya, da ranar da aka soke na biyun, da wanda ya soke shi. Baucocin suna nan. Ki tattara waɗannan a shafi ɗaya, layi ɗaya ga kowane wata: ranar da ya kamata ya gama, ranar da ya gama, kurakurai nawa, wa ya gano su, da abin da ya faru a watan wanda ba daga gare shi ba. Ki saka abin da ya yi daidai ma, kamar zuwa a kan lokaci da mu'amala da masu kawo kaya. Shafin da babu komai a cikinsa sai laifi, duk wanda ya karanta zai gane an rubuta shi ne bayan an gama yanke hukunci.

A ce kin jera ranakun rufe lissafin watanni biyar da suka wuce kika samu 12, 11, 9, 13, 7. Wannan mutum ne da yake tafe. Ranar 13 ɗin ta watan jinya ce, ki cire ta gefe, sai ki ga ya sauko daga 12 zuwa 7. Har yanzu bai kai 5 ba, amma hanyar da yake kai za ta kai shi. A ce kuma kin samu 8, 9, 8, 13, 9. Matsakaicinsa ya ɗan fi na farko kyau, amma ni wannan ya fi ba ni tsoro, domin wata biyar ya wuce yana nan inda ya fara. Ko dai akwai wani abu da yake tare masa hanya wanda ba ku gano ba, ko kuwa nan ne iyakar ƙarfinsa. A bitar gwaji, alkiblar mutum ta fi matsakaicinsa faɗin gaskiya, tun da abin da kike son sani shi ne yadda zai kasance nan da shekara guda.

Kurakuran nan biyu su ma ki dube su da irin wannan ido. Shigar da biya ɗaya sau biyu kuskure ne da sabon akawu kan yi, yawanci idan takardar neman biya ta zo ta hanya biyu, kwafi ta imel sannan ta asali a hannu, kuma ba a koya masa ya binciki lambar takardar kafin ya shigar ba. A wane wata suka faru? Idan a wata na ɗaya da na biyu ne kuma bai sake ba, ya koya. Idan na biyun a wata na biyar ne, bayan kin nuna masa na farko, ya fi nauyi. Wa ya gano? Akawun da ya gano kuskurensa wajen daidaita lissafi ya zo ya faɗa miki da kansa, ya nuna miki abin da ake nema a wannan kujera. Wanda kuwa ya gano ya goge a ɓoye ba tare da ya sanar da kowa ba, ko ya cusa wani adadi don lissafi ya daidaita da ƙarfin tsiya, matsalarsa ta bar fagen ƙwarewa ta koma ta amana, kuma ƙarin lokaci ba ya maganinta. Ki kuma duba ko kuɗin ya fita sau biyu daga banki ko a littafi kawai ya tsaya. Idan ya fita, akwai wanda ya amince da biyan bayansa, kuma wannan ɓarakar ta tsarinku ce, ba tasa shi kaɗai ba.

Daga nan sai tambayar da manajoji ba su cika son yi wa kansu ba. Ranar 5 ɗin nan, an taɓa rubuta masa ita, ko sanin kowa ne a ofis aka ɗauka shi ma ya sani? Wanda ya riƙe kujerar kafinsa yana cika ta? Yaushe takardar bayanin asusu take isowa daga banki, kuma yaushe sauran sassa suke miƙa rasitansu? Idan sashen sayayya ba ya kawo takardunsa sai ranar 4, babu akawun da zai rufe ranar 5. An ba shi damar duba asusun banki ta intanet, ko sai ya jira wani ya buga masa? An zauna da shi an nuna masa manhajar, ko an ba shi lambar sirri aka ce ya ci gaba? Gwaji ba a kan ma'aikaci kaɗai yake ba. Kamfani ya ɗauki alkawarin faɗa masa abin da ake so, da ba shi kayan aiki, da gaya masa inda ya gaza tun da sauran lokaci. Maganganunki na baki sun cika wani ɓangare na wannan alkawari, amma ki tuna yadda kika faɗe su. Da yawanmu idan za mu yi gyara sai mu lulluɓe shi da yabo har mai sauraro ya tashi yana ganin an yaba masa ne. Idan ba ki taɓa ce masa wannan jinkirin yana iya hana a tabbatar da shi ba, to mai yiwuwa bai san kujerarsa tana rawa ba, kuma sallamarsa a haka za ta faɗo masa daga sama.

Jinyar kuwa, ki raba ta da maganar gaba ɗaya. Kada ta shiga cikin dalilanki, kada ta shiga cikin takardar sallama, kada ki ce a taro cewa yana yawan fashi. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya mai lamba 158 ta 1982 ta ce rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda ciwo ko rauni ba dalilin kora ba ne, kuma ta lissafa wasu dalilan da ba a yarda da su ba, irin su jinsi, addini, launin fata, juna biyu, shiga ƙungiyar ƙwadago, da kai ƙarar mai ba da aiki. Gaskiya ne ba kowace ƙasa ce ta rattaba hannu a kanta ba, kuma ita kanta ta ba ƙasashe damar cire masu gwaji daga wasu tanade-tanadenta, matuƙar an ƙayyade wa'adin tun farko kuma bai wuce kima ba. Sai dai dokokin hana wariya a ƙasashe da yawa suna kare ma'aikaci tun ranarsa ta farko, don haka gwaji ba lasisin kora bisa kowane dalili ba ne. Amfanin da jinyar take da shi a nan ɗaya ne: ta rage miki lokacin da kika gan shi yana aiki, kuma wannan halastaccen dalili ne na ƙara wa'adi. Idan ciwon mai ɗorewa ne, ki tambaye shi ko akwai wani sauƙi da yake buƙata a wajen aiki, ba tare da kin tsananta binciken cutar ba.

Da shafin nan a hannu, ki kira zama. Ki rubuta masa gayyata a wannan makon, ki ba shi kwana uku zuwa biyar ya shirya. Ki faɗi a cikinta cewa zaman na bitar gwaji ne, kuma sakamakonsa yana iya zama tabbatarwa, ko ƙarin wa'adi, ko kawo ƙarshen aikin. Kalmar ƙarshen nan tana da nauyin rubutawa, na sani, amma ɓoye ta zalunci ne, don mutum yana shiryawa ne gwargwadon abin da ya san yana gabansa. Ki haɗa masa da shafin alƙaluman. Idan dokarku ko ƙa'idar kamfani ta ba shi damar zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiya, ki rubuta hakan. Ko ba ta tilasta ba, bari ya zo da wani ba ya rage ki da komai. Ke ma ki zo da mutum ɗaya da zai riƙa rubutu, don ki samu damar kallonsa da sauraronsa.

A zaman, ki fara da abin da ke tafiya daidai a taƙaice, sannan ki shiga alƙaluma kai tsaye. Kada ki ce masa ba shi da natsuwa ko ba ya mai da hankali, domin wannan hukunci ne a kan halinsa, kuma abin da zai yi kawai shi ne kare kansa. Ki ce: "Malam, lissafin watan jiya ya zo min ranar 9, ana buƙatarsa ranar 5. Ka bi da ni daki-daki, daga ranar 1 zuwa ranar 9, me kake yi kowace rana, kuma a ina kake tsayawa?" Sai ki yi shiru. A irin wannan tambaya ce gaskiya take fitowa. Na taɓa zama a wani bita inda akawu ta buɗe jakarta ta fito da wani littafi da take kwafe kowane layi na takardar banki da hannu kafin ta shigar a kwamfuta, saboda babu wanda ya nuna mata cewa manhajar tana iya ɗauko bayanin banki da kanta. Kwanakin da ake zarginta da ɓatawa duk a littafin nan suke tafiya. Manajanta ya shigo ɗakin da niyyar sallama, ya fita yana neman wanda zai koya mata.

Saboda irin haka, kada ki shiga zaman da takardar hukunci da aka riga aka buga. Ki ce masa za ki auna abin da ya faɗa ki ba shi amsa a rubuce cikin kwana biyu. A rubuta bayanin zaman a ranar, a ba shi kwafi, a bar masa gurbin da zai rubuta inda bai yarda ba. Ki bayyana masa cewa sa hannunsa yana nufin ya karɓa ya karanta, ba yana nufin ya amince da komai ba. Idan ya ƙi sawa, kada a yi jayayya, mai rubutun ya rubuta cewa an miƙa masa a rana kaza ya ƙi sa hannu, sannan a tura masa ta imel.

Ma'aunin da nake auna ƙarin wa'adi da shi guda ɗaya ne. Ki iya cika wannan jimla: a ƙarshen ƙarin lokacin zan san abu kaza wanda ban sani ba yau. Idan kin iya, ƙarin yana da ma'ana. A naki lamarin, jimlar tana cikuwa: za ki san ko zai iya rufe lissafi a kan lokaci bayan an rubuta masa ranar, an nuna masa hanya, kuma ya san abin da zai iya rasawa. Idan kuwa kin riga kin yanke a ranki cewa ba zai zauna ba, kina neman ƙarin ne don ki guje wa zama mai ɗaci ko don ki samu lokacin neman wani, to kada ki ƙara. Za ki cinye masa watannin da zai yi amfani da su wajen neman wani aiki, yana ta ƙoƙari a kan jarrabawar da aka riga aka yi wa maki.

Tsawon ƙarin ya bi zagayen aikin. Matsalarsa sau ɗaya take bayyana a wata, don haka mako huɗu rufewa ɗaya kawai zai nuna miki, kuma rufewa ɗaya tana iya zama sa'a ko rashin sa'a. Ki zaɓi wa'adin da zai ƙunshi rufewa biyu cikakku, da 'yan kwanaki bayan ta biyun don bita, wato kusan wata biyu zuwa mako goma. Wata shida kuma ya yi yawa, zai mai da shi ma'aikacin da ba shi da tabbas shekara guda cur. Kuma sau ɗaya ake yi. Ƙari a kan ƙari alama ce ta cewa manaja ce ta kasa yanke shawara.

Takardar ƙarin ta isa hannunsa kafin tsohuwar ranar ta cika, kuma ya sa hannu idan doka ko kwantiragi sun buƙaci amincewarsa. Ni ko ba su buƙata ba nakan nemi sa hannun. Ta ambaci sakin layin kwantiragin da aka dogara da shi, da sabuwar ranar ƙarewa da lamba, da dalilin ƙarin. Zuciyar takardar kuwa ita ce ma'aunin da za a auna aikinsa da shi, kuma a nan ne yawancin takardu suke lalacewa, don sai a rubuta "ana sa ran ka inganta aikinka", jimlar da babu mai iya cewa an cika ta ko ba a cika ba. Ki rubuta wani abu kamar haka: "Za ka miƙa daidaitaccen lissafin banki na wata na farko zuwa ranar 6, na wata na biyu zuwa ranar 5. Za ka binciki lambar kowace takardar neman biya kafin shigarwa, kuma duk kuskuren da ka gano za ka sanar da ni a ranar." Sannan ɓangarenki: wa zai zauna da shi a kan manhajar kuma a wane mako, zuwa wace rana sauran sassa za su kawo takardunsu, da zaman minti goma sha biyar da za ku riƙa yi kowane mako. Ta faɗi ƙarara cewa idan an cika ma'aunin za a tabbatar da shi, idan ba a cika ba ana iya kawo ƙarshen aikin. Ta kuma faɗi matsayin duk wani haƙƙi da ke jiran tabbatarwa, kamar ƙarin albashi ko inshorar lafiya, don kada ya ji labarin a ranar biyan albashi.

Ma'aunin ya zama wanda za ki nema daga kowane akawu a wannan matsayi. Idan tsofaffin ma'aikatanki suna kuskure lokaci-lokaci, kada ki rubuta masa cewa kuskure ko ɗaya zai kore shi. Bayan kowane zaman mako, ki tura masa imel na layi uku ko huɗu: abin da kuka duba, abin da ya yi kyau, abin da ya rage, da wanda zai yi me. Imel ɗin nan guda takwas ko goma su ne fayil ɗin da ba ki da shi yau. Kuma ki cika naki alkawarin, domin idan horon da kika rubuta bai samu ba, ba ki da bakin cewa ya faɗi.

Idan shafin alƙaluman ya nuna irin jerin farko, kurakuran tsofaffi ne, kuma zaman ya nuna rabin jinkirin daga wasu sassa yake, ki tabbatar da shi kawai. Ba sai mutum ya zama gwani ake tabbatar da shi ba, ya isa ya kai matakin da za a iya dogara da shi kuma yana ci gaba. Takardar gajera ce: ranar da tabbatarwar ta fara, abin da ya sauya na sanarwa da haƙƙoƙi, da abu ɗaya ko biyu da za ku ci gaba da bibiya. Abin da ba zan so ba shi ne ki tabbatar da shi saboda ladabinsa alhali kina shakkar lissafinsa. Bayan tabbatarwa, rabuwa tana buƙatar doguwar hanya, kuma ke ce za ki riƙa bin bayan aikinsa kowane ƙarshen wata.

Sallama tun yanzu tana da wuri idan kin samu ɓoye kuskure ko taɓa alƙaluma, ko kuwa zaman ya tabbatar cewa ya san ranar, yana da kayan aiki, an nuna masa, kin faɗa masa sarai cewa aikinsa na cikin haɗari, amma bai motsa ba. Haka nan idan doka ta hana ƙari, dole ki zaɓa tsakanin biyu da abin da ke hannunki. A nan ki lura da lissafin sanarwa. Idan sanarwar gwaji mako ɗaya ce, ki ba da ita da wuri yadda za ta ƙare kafin ranar cikar wa'adin, domin a wasu wurare ranar da aka ba da sanarwa ake dubawa, a wasu kuma ranar da ta ƙare, kuma ba kya son ki zama wadda za a gwada wannan a kanta. Takardar ta faɗi dalili ɗaya na gaskiya wanda ya yi daidai da abin da ke fayil, da ranar aiki ta ƙarshe, da abin da za a biya shi: albashi zuwa ranar, kuɗin hutun da ya tara, da kuɗin sanarwa idan ba zai zauna ya cika ta ba. Kada ki ce an rage ma'aikata don ki sassauta masa, sannan bayan mako biyu ki tallata kujerar. Idan kamfaninku yana da hanyar ɗaukaka ƙara, ki rubuta wa zai tuntuɓa kuma cikin kwana nawa. Ki faɗa masa baki da baki kafin takardar ta isa, a keɓe, ki kuma ba shi takardar shaidar aiki mai nuna matsayinsa da ranakun da ya yi. Tun da kujerar kuɗi ce, a shirya miƙa aiki da rufe masa damar shiga manhaja da asusun banki a ranar ƙarshe, ba tare da an mai da shi kamar ɓarawo a gaban abokan aikinsa ba.

Duk wadda kika zaɓa, fayil ɗinsa ya ƙunshi takardar ɗaukar aiki da bayanin ayyukansa, shafin alƙaluma da imel ɗin da suka goyi bayansa, bayanin da kika rubuta na maganganun baki, gayyatar zama, bayanin zaman da martaninsa, sai takardar hukunci da shaidar ya karɓa. Takardun asibiti a ajiye su daban, inda ba kowa ke gani ba. A ƙasashe da yawa ma'aikaci yana da haƙƙin neman ganin bayanan da aka ajiye a kansa, har da saƙonnin da kika yi da sashen kula da ma'aikata, don haka ki rubuta kowane layi da sanin cewa yana iya karantawa. Ki kuma duba wa ke da ikon sa hannu a irin wannan takarda a kamfaninku, domin a wurare da yawa shugabar sashe shawara take bayarwa, wani ne ke sa hannu, kuma idan mutumin zai yi tafiya a mako na uku, gara ki sani tun yanzu. Gayyata a wannan makon, zama a farkon mako na biyu, takarda a hannunsa kafin mako na biyun ya ƙare, sai mako na uku ya zauna a matsayin rara ko da wani abu ya gitta.